Tatsuniyar Gizo da hankaki ta yi wa 'yan aji biyu nauyi, yaya za a sauƙaƙa ta?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum malamai. Ina da rubutacciyar tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda hankaki suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa. Ina so 'yan aji biyu na firamare su karanta ta da kansu, amma rubutun na manya ne. Ga jimlar farko ku gani:

"A wata shekara da aka yi matsananciyar yunwa, wadda ta kai ga hatsi ya ƙare ƙaf a rumbuna, sai Gizo ya lura cewa maƙwabtansa hankaki kullum sai ƙiba suke yi, alhali shi da matarsa Ƙoƙi sun rame sun ƙanjame, saboda haka ya ƙudura a ransa cewa ko ana ha-maza ha-mata sai ya gano sirrinsu."

Kalma 54 ce a numfashi ɗaya. Ba na so labarin ya canza, ba na so darasinsa ya ɓace. Ta ina zan fara?

Abban Hanifa:
Wa alaikumus salam Malama. Abin ba wuya. Kada jimla ta wuce kalma 6, kada kalma ta wuce gaɓa 3. Duk abin da aka maimaita ki cire shi, duk siffa ki cire ta. Ki bi da biro jimla bayan jimla, kafin la'asar kin gama.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, ma'aunin da ka kawo yana da amfani, amma ba da shi ake farawa ba. Wanda ya fara da yanka jimloli yakan wayi gari ya yanke jijiyar labarin bai sani ba.

Malama, kafin ki taɓa ko kalma ɗaya, ɗauki wata takarda daban ki rubuta ƙashin bayan labarin, abu ɗaya a kowane layi. A wannan tatsuniya ga yadda yake. An yi yunwa. Hankaki suna da abinci, Gizo ba shi da shi. Gizo ya gano ɓaure suke ci. Ya roƙe su su tafi da shi. Kowane hankaka ya ara masa gashi ɗaya. A kan bishiya ya hana su ci, ya ce duk nasa ne. Suka karɓe gashinsu suka tashi. Gizo ya faɗa ruwa. Abu takwas ke nan.

Daga nan ki ja layi ƙarƙashin waɗanda darasin yake zaune a kansu. Uku ne: sun ba shi da zuciya ɗaya, ya saka musu da rowa, abin da suka ba shi ne suka karɓe. Waɗannan ukun kamar duwatsun murhu suke, in ɗaya ya goce tukunya ta kife. Cire na farko, hankaki ba su yi wani alheri ba, don haka babu butulci. Cire na biyu, hankaki sun zama mugaye da suka yar da maƙwabcinsu a tsakiyar ruwa ba laifi. Saboda haka a waɗannan wurare uku ba a tsuke hannu, a can ma kina iya ƙara jimloli. Sauran wuraren ne ake rage wa nauyi.

Yanzu jimlarki. Ni ga yadda zan yi da ita:

"Wata shekara aka yi yunwa sosai. Hatsi ya ƙare a gari. Gizo da matarsa Ƙoƙi suka rame. Amma hankaki kullum sai ƙiba suke yi. Gizo ya ce, 'Ina suke samun abinci? Sai na gano!'"

Kalma 54 ta koma 34, jimla ɗaya ta koma shida, mafi tsawonsu kalma 7. Ki lura da abu biyu. Na juya tsarin, na sa ramar Gizo kafin ƙibar hankaki, domin "amma" ta ɗauki aikin da "alhali" take yi. Sannan abin da ya ƙudura a ransa na mai da shi maganar baki. Yaro ya fi saurin kama abin da aka faɗa a kan abin da aka ce wani ya ƙudura, kuma maganar baki da kanta gajera ce.

Maman Sadik:
Ni dai a ganina Malama ki taƙaita shi kawai. Layi biyar ya isa. A ƙarshe ki rubuta "Darasi: haɗama ba ta da kyau." Yara sun gane, an wuce wurin.

Malam Ɗanjuma:
Maman Sadik, taƙaitawa daban, sauƙaƙawa daban. Malama so take yara su karanta labari, su ji daɗinsa, su kuma saba da karatu. Layi biyar ba ya ba su ko ɗaya. Sau da yawa ma labarin da aka sauƙaƙa yakan kusa kai na asali tsawo, don abin da babba yake ganewa da ishara, yaro sai an shimfiɗa masa shi.

Hajiya Binta:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Abban Hanifa, maganar cire maimaici ce ban yarda da ita ba sam. Tatsuniya da maimaici aka gina ta. Gizo ya je ɗiban wuta gidan hankaki, ya zauna a kan ɓaure ya manne masa, ya fito ya kashe wutar ya koma, ya sake, ya sake. A kan bishiya kuma duk wanda ya kai baki sai ya ce nasa ne. Yaron da ya sha wuya a karo na farko, a karo na biyu ya gane kalmomin, a na uku da gudu yake karantawa yana dariya. Maimaicin nan kyauta ce tatsuniya ta ba mai koyon karatu, ba a zubar da ita. Abin da za a kiyaye shi ne a maimaita da kalmomi iri ɗaya sak. Kada a ce "Nawa ne" a nan, a ce "Ni na riga gani" a can, a ce "Kar ka taɓa" a gaba. Marubucin manya yana gudun maimaita kalma, marubucin yara nemanta yake yi.

Kuma Malama Rabi, "Ga ta nan, ga ta nanku" da "Ta zo mu ji ta" ki bar su a farko. "Ƙurunƙus" ma ki bar shi a ƙarshe. Suna da wuyar haɗawa a rubuce, amma yaran da suka san su a ka, da sun ga harafin farko za su ƙarasa.

Abban Hanifa:
Na karɓi gyara Hajiya a kan maimaici. Amma ma'aunin kalma 6 ina nan a kansa. Yaron aji biyu in jimla ta yi tsawo, kafin ya kai ƙarshe ya manta farko.

Malam Ɗanjuma:
Dalilinka gaskiya ne, lambar ce ba ta dace da Hausa ba in aka riƙe ta da ƙarfi. A rubutunmu ƙananan kalmomi irin su ya, ta, na, suka, da, a, sai, duk a ware ake rubuta su, kowace kuma ana ƙirga ta kalma guda. "Sai ya ce da su su zo" kalma 7 ce, gaɓa 7 kacal, yaro zai haɗiye ta ba tari. "Maƙwabtansa sun fuskanci matsananciyar yunwa" kalma 5 ce, amma ƙirga gaɓoɓinta: 4 da 1 da 3 da 5 da 2, sun zama 15. A ma'auninka na kalma 6 ta biyun ce ta ci jarrabawa, alhali ita ce za ta tsayar da yaro. Don haka ni gaɓa nake ƙirgawa. Ga ɗan aji biyu ina neman yawancin jimloli su tsaya tsakanin gaɓa 8 zuwa 15, wato wajen kalma 5 zuwa 8, in bar ɗaya-ɗaya ta kai kalma 10 in dalili ya kama. Wannan ba doka ba ce, ma'aunin aiki ne, kowa ya gwada da yaransa.

Kuma kada duk jimlolin su zama tsawo ɗaya. Kalma biyar, biyar, biyar, biyar, sai karatun ya zama kamar kiran suna a rajista. A sa mai kalma 8, a bi ta da mai 3.

Malama Rabi:
Na gode ƙwarai. Na gwada tsakiyar labarin. Na asali ya ce:

"Duk lokacin da wani hankaka ya kai baki ga nunannen ɓaure, sai Gizo ya daka masa tsawa yana cewa shi ya riga gani, har ya cika jakarsa maƙil, su kuwa ba wanda ya sami ko ɗaya, don haka suka fusata, kowa ya fizge gashin da ya ara masa, suka tashi suka bar shi."

Nawa kuma:

"Gizo ya ci ɓaure. Ya cika jakarsa. Hankaki sun yi fushi. Sun karɓe gashinsu. Sun tafi."

Ya yi?

Malam Ɗanjuma:
Ya yi sauƙin karantawa Malama, amma labarin ya canza. Karanta naki kamar ba ki san na asali ba. Me Gizo ya yi wa hankaki? Ba komai. Ya ci ɓaure, abin da aka zo yi ke nan. Yaro zai fita da cewa hankaki 'yan baƙin ciki ne, sun ga ya ci da yawa sun ji haushi. Dutse na biyu ya faɗi.

Abu uku ne suka jawo haka. Na farko, kin cire aikin da ya yi musu, wato hanawar. Na biyu, kin cire "ba wanda ya sami ko ɗaya", wanda shi ne ya nuna girman cutar. Na uku, kin cire "don haka". Irin waɗannan kalmomi, amma, saboda, don haka, sai, su ne farkon abin da biro yake faɗawa in ana yanka jimla, alhali su ne suke gaya wa yaro wane abu ne ya haifi wane. Ba su da wuyar karantawa, kuma in babu su aikin haɗa dalili ya koma kan yaron.

Akwai na huɗu, na nahawu. Kin koma "sun yi, sun karɓe, sun tafi". Labari a Hausa da "suka" yake tafiya: suka yi fushi, suka karɓe, suka tashi. "Suka" tana ɗaure abu da wanda ya gabace shi, tana cewa wannan ya biyo bayan wancan. "Sun" rahoto take bayarwa, kowane abu a tsaye shi kaɗai. Kunnen yaro ya san wannan tun kafin ya shiga makaranta.

Ga nawa gwajin:

"Wani hankaka ya ga nunannen ɓaure. Gizo ya ce, 'Bari! Nawa ne!' Ya tsinke, ya sa a jaka. Wani hankaka ya ga nunannen ɓaure. Gizo ya ce, 'Bari! Nawa ne!' Ya tsinke, ya sa a jaka. Haka ya yi wa kowa. Jakar Gizo ta cika. Hankaki ba su ci ko ɗaya ba. Don haka suka yi fushi. Kowa ya ce, 'Ba ni gashina!' Suka karɓe gashinsu, suka tashi fir. Suka bar Gizo a kan bishiya."

Ya fi na asali tsawo, kuma ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Hajiya Binta:
Madalla Malam. Da ni ce zan sa shi sau uku kafin "Haka ya yi wa kowa", amma biyu ma ba laifi. "Fir" ɗin nan da ka bari na ji daɗinsa. Fir, tsundum, kwatsam, tim, yara suna son su, kuma gajeru ne. In ya faɗa ruwa a ce tsundum, kada a cire wai don ba kalmar aji biyu ba ce.

Malam Issufu:
Gaisuwa daga Damagaram. Ina so in ƙara wani abu a kan zaɓen kalmomi, don akwai wuya iri biyu kuma ana haɗa su. Akwai kalmar da yaro bai san ma'anarta ba, akwai wadda ya sani sarai amma idonsa bai iya haɗa ta ba. "Alhali" da "ƙudura" na farkon ne, maganinsu a musanya su. "Maƙwabta" na biyun ne: kowane yaro ya san maƙwabci, amma ga ƙw, ga b da t sun haɗu. Irin wannan sai a duba ko ajin ya riga ya koyi waɗannan haruffa. In bai kai can ba, a ce "hankaki suna kusa da gidansa".

Sannan abin da ya fi kama mutane, rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A doguwar jimla kewaye yana warware ma'ana, amma da ka gajarta sai rikici ya fito. A ci gaban wannan tatsuniya, bayan Gizo ya faɗa ruwa ai gidan kada yake zuwa. Rubuta "Kada ya zo." Yaro zai karanta ta a matsayin hani, wato kar ya zo. Sai ka ce "Sai ga wani kada" ko "Wani kada ya zo". "Kadan" ma tarko ne, don yaran da ba su gama rarrabe d da ɗ ba za su ce kaɗan. Haka "gashi": na tsuntsu ne, ko gashin nama, ko "ga shi"? A karon farko a rubuta "gashin fiffike" tare da hoto, daga nan "gashi" kaɗai ya isa. Bayan an gama gajartawa, a sake bin kowace jimla ita kaɗai, a tambaya ko ana iya karanta ta da wata murya ta ba da wata ma'ana.

Malama Rabi:
Wallahi Malam Issufu "Kada ya zo" tana cikin takardata yanzu haka. To ɓaure fa? Yaran cikin gari da yawa ba su san shi ba. In mai da shi mangwaro?

Abban Hanifa:
Mai da shi mangwaro kawai Malama. Ba abin da ya canza, 'ya'yan itace ne duka.

Hajiya Binta:
A'a. Ta yaya mangwaro zai manne wa Gizo in ya zauna a kansa? Ɓaure ƙarami ne, in ya nuna yana da laushi da danƙo, shi ya sa dabarar ɗiban wuta ta yi aiki. Sannan abincin tsuntsaye ne da mutane suke komawa gare shi in an shiga yunwa. Ka canza shi, sai ka canza wancan wurin, daga nan ka shiga rubuta sabon labari.

Malam Ɗanjuma:
Ina bayan Hajiya. Ba duk baƙuwar kalma ake kora ba. Labarin da ba shi da sabuwar kalma ko ɗaya bai ƙara wa yaro komai ba. Abin da ake yi shi ne kasafi. A labari mai kalma 300 zuwa 400 ni ina barin sababbi uku zuwa biyar, in zaɓi waɗanda labarin ba ya tsayuwa sai da su. A nan ɓaure, fiffike, ara, wataƙila da nunanne. Kowace kuma sai ta cika sharaɗi biyu: ta fito aƙalla sau uku, kuma fitowarta ta farko ta kasance inda jimlar da ke kusa take bayyana ta. Misali: "Hankaki suna cin ɓaure. Ɓaure ɗan itace ne mai zaƙi." Kada sababbi biyu su haɗu a jimla ɗaya.

"Ara" ita ce ba zan taɓa bari a musanya ba. In aka ce "suka ba shi gashi", kyauta ke nan, kuma yaranmu sun san cewa karɓe kyauta abin kunya ne. Sai laifi ya koma kan hankaki. In aro ne, sun karɓi kayansu. Kalma ɗaya mai gaɓa biyu, amma adalcin labarin a kanta yake. Wannan shi ne irin kuskuren da ƙirga gaɓa ba zai taɓa nuna miki ba, sai kin riƙa komawa takardar ƙashin baya kina gwada kowace musanya da ita.

Alhasan:
Salam malamai, daga zangon Kumasi nake bi. Namu matsalar daban ce kaɗan. Yaranmu suna jin Hausa, amma a maganarmu ta nan ba a cika rarrabe namiji da mace ba, "ya" ake cewa kusan ga kowa. To in na gajarta jimloli na bar "ya ce, ta ce", ba su san wa ke magana ba tsakanin Gizo da Ƙoƙi. Me zan yi?

Malam Ɗanjuma:
Malam Alhasan, abin da zai yi maka magani kowa ma yana buƙatarsa. Da an raba doguwar jimla, wakilin suna yakan rasa mai shi. Dubi wannan: "Gizo ya ga kada. Ya gaishe shi. Ya ce masa ya shigo." Wa ya ce wa wa ya shigo? Duka biyun maza ne, ko a Kano sai an yi tunani. Ƙa'idar da nake bi: duk lokacin da mai aikin ya canza, a kira sunansa. In bai canza ba, a bar "ya" ta tafi jimla biyu ko uku, sannan a sake kiran sunan. A wurinka sai ka matse ƙa'idar, ka sa suna a gaban kowace magana: Gizo ya ce, Ƙoƙi ta ce. Ka bar "ta" ɗin a wurinta, sunan zai koya musu ita a hankali.

Maman Sadik:
To ni tambayata ƙarshen labarin. Ba tausayi a ce ya faɗa ruwa a bar shi haka? Ɗana ɗan shekara shida ne, irin wannan yana sa shi kuka. Me zai hana a ce ya ba su haƙuri, suka yafe masa, suka dawo da shi gida? Ai an koya yafiya ma.

Malam Issufu:
Labari ne mai kyau Maman Sadik, amma wani labarin ne. Darasin ya tashi daga sakamakon butulci ya koma falalar yafiya. Kuma Gizon da yake tuba ba Gizo ba ne. Abin da sauƙaƙawa ta yarda da shi shi ne rage zafin bayani ba tare da canza abin da ya faru ba. Ba sai an faɗi yadda ya sha ruwa yana shure-shure ba. "Gizo ya yi tsalle. Ba gashi, ba tashi. Ya faɗa ruwa tsundum! Ɓaure duk ya zube." Ya isa, kuma yara dariya za su yi.

Hajiya Binta:
Amma Malam Issufu, ka tsaya a faɗawa ruwa, ka ga kai ma ka yanke. Yadda muka san ta, yana zuwa gidan kada ya ce shi ɗan'uwansu ne, a sauke shi a ɗakin ƙwai, ya bi dare yana gasawa yana ci, a ƙarshe ya tsira da wayo. In ka cire wannan, yaro zai ɗauka Gizo ya ji jiki ya daina, alhali tatsuniyar cewa take mai hali ba ya barin halinsa. Wannan ma canza darasi ne.

Malam Ɗanjuma:
Gaskiya ne Hajiya, kuma nan ne ban da amsa guda. Tatsuniyar tana da ruwayoyi, wasu suna tsayawa a ruwa, wasu suna wucewa gidan kada. Ni ma'aunina shi ne rubutun da ke hannun Malama: in da kada a cikinsa, kuma ga shi ta ce akwai, to cire shi ya wuce sauƙaƙawa. Shawarata a raba shi kashi biyu, kowane kalma 300 zuwa 350, na farko ya ƙare da tsundum, na biyu a karanta washegari. Kowane kashi da tasa takardar ƙashin baya.

Abban Hanifa:
Ni ban ga dalilin wahalar ba. Kashi na biyu Gizo yana cin ƙwan mutanen da suka sauke shi kuma ya tsira, wane darasi ke nan ga ɗan aji biyu? A tsaya a na farko.

Hajiya Binta:
Darasin na kada ne ɗana, ba na Gizo ba. A san wanda ake saukewa a ɗakin ƙwai.

Malama Rabi:
Wannan zan yi shawara da shugabar makarantarmu. Tambaya ta ƙarshe: ta yaya zan san na yi daidai kafin in buga wa yara 60?

Malam Ɗanjuma:
Gwaji biyu, kuma kada ki haɗa su, don abu biyu daban suke aunawa. Zaɓi yara uku, mai ƙoƙari, matsakaici, da wanda yake jan ƙafa. Kowa ya karanta miki a bayyane shi kaɗai, ke kuma riƙe da kwafinki kina sa ɗigo a kan duk kalmar da ya tsaya, ya tsallake ko ya canza. Kada ki gyara masa nan take, ki ba shi ɗan lokaci. Matsakaicin ne ma'auninki. In yana tuntuɓe a fiye da kalma ɗaya cikin goma, rubutun ya yi masa nauyi har yanzu. Ɗaya cikin ashirin ko ƙasa da haka, zai iya shi kaɗai. Kalmar da duka ukun suka tsaya a kanta, laifinta ne, ki canza ta ko ki koyar da ita a allo kafin karatu. Ki kuma kula da inda yaro ya ja numfashi a tsakiyar jimla ba waƙafi ba aya, nan ne jimlar take neman a raba ta.

Gwaji na biyu shi ne na labari. Rufe takardar ki ce ya ba ki labarin da bakinsa, ke kina bin abu takwas ɗin nan kina sa alama. Sannan tambaya ɗaya: me ya sa hankaki suka karɓe gashinsu? Kada ki tambayi "mene ne darasin labarin", don yara sun haddace amsar, za su ce haɗama ba kyau ko da ba su gane komai ba. In ya ce don Gizo ya hana su ci, kin tsira. In ya ce don mugaye ne, ko don sun gaji, ki koma wurin bishiya, akwai abin da ya zube a can.

Malam Issufu:
A ƙara da bugun. Harafi babba, tazara mai yawa tsakanin layuka, kada jimla ta tsallaka zuwa wani shafi. A duba cewa ƙ, ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu bayan an buga, don wasu nau'o'in harafi suna mai da su akwati ko su cinye lanƙwasar, sai Ƙoƙi ta zama Koki. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y, in za a yi musayar takardar sai a gyara wannan.

Alhasan:
Tsamin bakin Gizo fa? In ana ba da tatsuniyar da baki shi ne abin dariyar. A rubuta shi yadda yake faɗa?

Malam Ɗanjuma:
Ni ba na rubutawa ga aji biyu. Yaron da yake koyon yadda ake rubuta kalma bai kamata ya fara ganinta a karkace ba. A rubuta daidai, malami ya yi muryar in yana karanta musu.

Hajiya Binta:
Ni kuwa da zan bar shi a wuri ɗaya tak, a maganar da yake maimaitawa, don yara su san Gizonsu ne. Malama Rabi, ki buga wa yaranki uku kowane iri, ki gaya mana wanda suka tsaya a kansa.

Malama Rabi:
To Hajiya, in sha Allahu ranar Litinin zan gwada kashi na farko. Malam Ɗanjuma, zan turo wurin ɗiban wuta in na gama, don can ne har yanzu jimlolina suke wuce kalma 12.